Saƙon bayan haɗuwar farko: abin da yake faɗa idan ya zo, da abin da shiru yake faɗa idan bai zo ba

Da zarar mutum biyu sun yi sallama bayan haɗuwarsu ta farko, hankalin kowannensu yakan koma kan waya. An zauna, an yi hira, an rabu, abin da ya rage shi ne a ga ko saƙo zai shigo da kuma abin da zai ƙunsa. Mafi yawan masu wannan jira agogo suke kallo: awa nawa ta wuce, ya kwana bai rubuto ba, ta karanta tun da rana amma har dare ba ta amsa ba. A ganina agogon nan shi ne mafi raunin shaida a cikin duk abin da ke gabansu. Abubuwa biyu ne suka fi shi faɗin gaskiya. Na farko, shin saƙon da ya zo yana ɗauke da hanyar sake haɗuwa? Na biyu, shin shirun da ake ciki ya zo ne kafin wani ya yi tambaya a fili, ko kuwa bayan an yi ta?

Bari mu fara da saƙon da ya zo, domin shi ya fi sauƙin ruɗar mutum. Wanda aka fi samu a daren farko shi ne irin su “Kin isa gida lafiya?” ko “Na gode, na ji daɗin hirarmu.” Saƙo ne mai kyau, kuma yana nuna mai tura shi yana da ladabi. Sai dai iyakar abin da yake tabbatarwa ke nan. Wanda ya kamu da so zai tura shi, wanda ya riga ya yanke shawarar ba zai sake neman haɗuwa ba shi ma zai iya tura shi kalma da kalma, don kada a ce ya rabu da mutum babu ko sannu. Tunda mutum biyu masu niyya daban suna iya rubuta jimla ɗaya, jimlar ba za ta iya raba maka su ba.

Akwai dalilin da ya sa kalaman daɗi na farkon nan ba su da nauyi sosai. Faɗa wa mutum “a'a” abu ne mai wuya, fiye da yadda muke zato idan muna zaune muna hasashe. A shekarar 2014 Samantha Joel da abokan aikinta a Jami'ar Toronto sun wallafa wani bincike a kan haka. Sun nuna wa marasa abokin soyayya bayanan wani da bai kwanta musu ba, sannan suka tambaye su ko za su ba shi hanyar tuntuɓarsu. An gaya wa wasu cewa misali ne kawai, wasu kuma aka gaya musu cewa mutumin na gaske ne kuma yana nan kusa. Waɗanda suka ɗauka mutumin yana nan sun fi amincewa nesa ba kusa ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne gudun ɓata masa rai. Saboda haka idan a wurin sallama aka ce maka “lallai sai mun sake haɗuwa,” ba lallai ƙarya aka yi maka ba, amma magana ce da aka faɗa ido cikin ido, a lokacin da kunya da tausayi suka fi ƙarfi. Abin da mutum ya yi washegari, shi kaɗai da wayarsa, ya fi kusa da ainihin ra'ayinsa.

Saƙon da ke nuna sha'awa ta gaske yana da alamomi biyu, kuma ba a buƙatar dogon nazari kafin a gan su. Yakan ɗauko wani abu takamaimai daga hirar da aka yi, abin da ba za a iya kwafa a tura wa wani daban ba: “Yaya aka ƙare da jarrabawar da kika ce za ki yi yau?” Wannan yana nuna an saurare ki, kuma an tuna da ke bayan an rabu. Sannan yakan kalli gaba da rana da lokaci: “Ina so mu sake zama, Alhamis da yamma ta yi miki?” Ta biyun ta fi nauyi, domin mai sanya rana ya ɗauki kasada. Ya ba ki damar ki ce masa a'a a fili, kuma ba kasafai mutum yake miƙa wuyansa haka ga wanda bai damu da shi ba. Shi ya sa “wata rana sai mu sake haɗuwa” da “Alhamis ta yi miki?” ba abu ɗaya ba ne, ko da kuwa na farkon ya zo da kalamai masu zaƙi da hotunan zuciya guda goma. “Wata rana” ba ta jawo wa mai faɗinta asarar komai.

Haka ake auna amsa ma. Idan ka sa rana aka ce maka “Alhamis ina da aiki,” kada ka tsaya a kan ƙin, ka duba abin da ya biyo bayansa. Wadda take so za ta kawo wata ranar da kanta: “Alhamis ba zan samu ba, amma Asabar ina nan.” Wadda ba ta so takan tsaya a kan uzurin, ko ta ƙara da “zan sanar da kai idan na samu sarari.” Uzurin kansa yana iya zama gaskiya a duka biyun, don mutane suna da aiki da iyali da gajiya. Bambancin shi ne ta farko ta ɗauki nauyin gyara abin da ya ƙi yiwuwa, ta biyu kuma ta bar shi a ƙasa. Sau ɗaya bai isa hukunci ba. Idan ya faru sau biyu a jere babu wata ranar da aka kawo a madadin, to an amsa maka, cikin ladabi.

Yanzu sai shiru, wanda a nan ne mutane suka fi cutar da kansu. Hausawa na cewa shiru ma magana ce, kuma haka ne, amma shirun bayan haɗuwar farko kala biyu ne, kuma ɗaya ne kawai daga cikinsu yake magana.

Kala na farko shi ne wanda babu wanda ya rubuta wa wani. An rabu lafiya, kwana biyu sun wuce, wayar kowa tsit. Wannan shirun kusan ba ya ɗauke da wani bayani, saboda mutum biyu ne suka haɗu suka yi shi. A shekarar 1996 Jacquie Vorauer da Rebecca Ratner sun wallafa bincike a kan wanda zai fara yin yunƙuri tsakanin mutum biyu da ke sha'awar juna. Abin da suka gano shi ne, idan aka tambayi mutum dalilin da ya sa bai yi yunƙuri ba, yakan ce tsoron a ƙi shi ne ya hana shi. Idan kuma aka tambaye shi dalilin da ya sa ɗayan bai yi ba, sai ya ce ai ba ya sha'awarsa ne. Hali iri ɗaya, fassara biyu: nawa shirun tsoro ne, naka kuwa rashin so ne. To idan su biyun duka suna wannan lissafi a lokaci guda, kowa zai zauna yana jiran ɗan'uwansa, kowa kuma zai tashi da yaƙinin cewa shi aka ƙi. Abin yana ba ni takaici ƙwarai, domin alaƙar da za ta iya yin kyau takan mutu a nan ba tare da kowa ya yanke shawarar kashe ta ba.

Wani abu kuma yana ƙara wa wannan kuskure ƙarfi. A 2018 Erica Boothby da Gus Cooney da Gillian Sandstrom da Margaret Clark sun wallafa bincike a mujallar Psychological Science a kan abin da ke faruwa bayan baƙi biyu sun yi hira. Sun tambayi kowa yadda abokin hirar ya burge shi, da kuma yadda yake jin shi ya burge abokin hirar. A kai a kai mutane suna rage wa kansu maki, wato an fi son su fiye da yadda suke zato. Dalilin da masu binciken suka bayar shi ne, bayan hira hankalin mutum yakan tafi kan kurakuransa: maganar da ya faɗa ba daidai ba, wurin da ya yi shiru, dariyar da ya yi fiye da kima. Shi kuwa abokin hirar bai riƙe waɗannan ba, yana can yana lissafa nasa. Binciken a kan hirar sababbin sani ne gaba ɗaya, ba haɗuwar masoya kaɗai ba, amma duk wanda ya taɓa komawa gida yana maimaita hira a ransa zai gane abin. Ma'anarsa a aikace ita ce, hukuncin da ka yanke wa kanka a daren farko cewa “na ɓata komai” ya fi karkata ga yin tsanani fiye da gaskiya, kuma da wannan hukuncin ne kake fassara shirun ɗayan.

Ga misali, mu bi shi daki-daki. A ce wani saurayi da wata budurwa sun haɗu ranar Asabar da yamma, sun yi hira ta kusan awa biyu. A cikin hirar ta ambaci cewa ranar Litinin tana da ganawar neman aiki. Da ƙarfe 9:30 na dare ya rubuta mata, “Da fatan kin isa gida lafiya, na ji daɗin yau.” Bayan minti ashirin ta amsa, “Lafiya ƙalau, na gode, ni ma haka.” Daga nan babu wanda ya ƙara cewa komai. Lahadi ta wuce, Litinin ta wuce.

Shi a wajensa amsarta gajera ce, ba ta yi tambaya ba, ba ta buɗe wata magana ba, don haka ya ɗauka sallamarsa ta yi. Ita kuma a wajenta, ta amsa da wuri, ta ce ta ji daɗi, shi ne bai ɗora komai a kai ba, don haka ta ɗauka gaisuwar ladabi ce kawai ya yi. Idan ka duba abin da ke rubuce, babu wanda ya ƙi wani. An yi musayar ladabi guda ɗaya, sai shiru na kowa da kowa. A wannan matsayi duk wanda ya ce ya san abin da ke zuciyar ɗayan hasashe yake yi.

Abin da zai warware shi saƙo ɗaya ne, kuma ko wanne daga cikinsu zai iya tura shi. A ce shi ya tura ranar Talata da safe: “Yaya ganawar jiya ta kasance? Ina so mu sake zama idan kina so, ina da sarari Alhamis ko Asabar da yamma.” Saƙon ya tuna da abin da ta faɗa, ya bayyana niyya ba kwana-kwana, ya kawo rana biyu, kuma “idan kina so” ya bar mata ƙofar fita ba tare da jin nauyi ba. Daga wannan lokaci duk abin da ya biyo baya yana da ma'ana. Idan ta ce “Asabar ta yi,” magana ta ƙare. Idan ta ce “wannan makon ya cushe mini, mu sa Talata mai zuwa,” wannan ma amincewa ce, kuma jinkirin ba abin damuwa ba ne. Idan ta ba da labarin ganawar aikin da tsawo amma ta tsallake batun haɗuwa, to ta ga tambayar, ta zaɓi kada ta taɓa ta. Yana iya yiwuwa tana tunani ne, don haka babu laifi ya sake ambata sau ɗaya bayan 'yan kwanaki, amma tsallakewa ta biyu amsa ce. Idan kuwa Talata ta wuce, Laraba ta wuce, har Alhamis ɗin da ya ambata ta zo ta wuce babu ko kalma, to an shiga kala na biyu na shiru.

Wannan shi ne shirun da ke magana: an yi tambaya a fili, an ba da isasshen lokaci, ba a amsa ba. Mafi yawan lokuta ma'anarsa ita ce babu sha'awar ci gaba, kuma mai shirun ya ga ya fi masa sauƙi ya ɓace da ya rubuta “a'a.” Ba hali ne mai kyau ba, kuma wanda aka yi wa yana da haƙƙin jin zafi. Amma yana da kyau ya san iyakar abin da shirun ya faɗa. Ya ce “ba zan ci gaba ba,” bai faɗi dalili ba. Dalilin yana iya zama wani da aka riga aka fara magana da shi, ko tsohuwar alaƙa da ba ta gama mutuwa ba, ko kawai rashin jin wannan abin da ake ji idan jini ya haɗu, wanda ba laifin kowa ba ne. Wanda ya zauna yana cike gurbin dalilin da aibobin kansa yana ƙara wa shirun maganar da bai yi ba. Gaskiya ne kuma akan samu rashin lafiya, ko rasuwa, ko waya ta ɓace. Irin wannan yakan bayyana kansa: mutumin zai dawo da bayani, kuma shi zai kawo sabuwar rana da kansa ba sai an roƙe shi ba.

Nawa ne isasshen lokaci? Babu wani adadi da aka yanke wanda ya hau kan kowa. Abin da ya fi amfani shi ne a gwada mutum da kansa. Wanda tun kafin haɗuwa yakan ɗauki yini guda kafin ya amsa saƙo, idan ya ɗauki yini guda bayan haɗuwa bai canza komai ba. Wanda kuwa da yake amsawa cikin minti biyar yana ta zuba, sai bayan haɗuwa ya koma kalma ɗaya bayan awa goma sha biyu, canjin ne abin lura. Ranar da aka ambata a cikin saƙon ita ma ma'auni ce mai kyau, shi ya sa sanya rana yake da amfani biyu: idan ta wuce ba a ce komai ba, ba sai an ci gaba da ƙirga awanni ba. Ita kuwa tsohuwar shawarar nan da ke cewa a jira kwana uku kafin a tuntuɓi mutum don kada a nuna zaƙuwa, illarta ta fi amfaninta. Tana sa mai so ya yi irin halin marar so, sai ɗayan ya karanta shi daidai yadda ya nuna kansa.

Wayar kanta tana ƙara rikita lissafi. Tun da WhatsApp ya kawo shuɗin maki biyu a watan Nuwamba na 2014, mutane suka samu sabon abin dubawa. Maki ɗaya mai ruwan toka yana nufin saƙon ya fita daga wayarka, biyu masu ruwan toka suna nufin ya isa wayar ɗayan, shuɗi biyu kuma an buɗe shi. Iyakar bayaninsu ke nan. Ana iya kashe alamar karantawa gaba ɗaya, ana iya karanta saƙo daga sanarwar da ke fitowa a saman allo ba tare da ya yi shuɗi ba, ana kuma iya buɗe shi a tsakiyar aiki da niyyar amsawa an jima. Sau da yawa ma saƙon da ya fi muhimmanci shi ake ajiyewa sai an natsu, a amsa na banza nan take. Haka batun sanyin kalma ko ɗuminta. Labarin zuciya a tambayi fuska, to rubutu ba shi da fuska kuma ba shi da murya. Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu sun nuna a 2005 cewa masu tura saƙon imel suna cika amincewa cewa za a gane sautin maganarsu, ko wasa suke ko da gaske, fiye da yadda ake gane shi a zahiri, domin su suna jin muryarsu a ransu lokacin da suke rubutawa. “To, madalla” da ta rubuta tana murmushi zai iya isa gare shi a bushe.

Akwai kuma saƙon da yawansa ne matsalarsa, kuma ina so a kula da shi sosai, musamman mata. Idan a daren farko saƙonni suka yi ta zubowa, ana maganar ba a taɓa ganin kamarki ba, ana shirya rayuwa gaba ɗaya bayan zaman awa biyu, wannan ba lallai zurfin so ba ne, domin wanda ya san ki na awa biyu bai san ki ba tukuna. Wani zumuɗi ne kawai, zai lafa. Hanyar ganewa ita ce yadda yake yi idan kin yi jinkirin amsawa ko kin ce yau ba za ki samu ba. Mai zumuɗi na gari zai jira. Wanda ya fara da “na ga kin karanta,” ya biyo da kira a jere, ya ƙare da fushi ko gori, ya nuna miki tun yanzu yadda yake karɓar “a'a,” kuma wannan ya fi duk kalamansa na daɗi amfani a gare ki. Kusa da shi akwai mai gaisuwar safe da dare na makonni, mai hira mai daɗi, wanda duk lokacin da aka zo maganar haɗuwa sai ya sulale. Yana jin daɗin a kula shi, amma bai shirya wa abin da ya wuce haka ba, kuma ma'aunin sanya rana yana fallasa shi cikin sauƙi.

Idan kuma kai ne wanda ba ya son ci gaba, kuma an tambaye ka a fili, jimla biyu sun wadatar: “Na gode da lokacin da kika ba ni, na ji daɗin saninki, amma ban ga za mu ci gaba ba. Ina yi miki fatan alheri.” Ba sai ka jero dalilai ba, domin dalilai suna buɗe ƙofar jayayya, kuma ba sai ka yi alkawarin abota da ba ka nufa ba. Ka tura shi cikin yini ɗaya ko biyu da samun tambayar, kafin ta kai ga keɓe maka ranar da ba za ka zo ba. Banda guda ɗaya ce: wanda ya tsoratar da kai ko ya ƙetare iyaka a wurin haɗuwar ba ya bin ka bashin bayani, kuma toshe lambarsa ba tare da amsa ba daidai ne.